Takwas ɗin da na gani a bakin shago a Guangzhou

Maigidana ƙanin mahaifiyata ne, yana da shagon jakunkunan mata a Kasuwar Sabon Gari a Kano. Shi ne ke zuwa Caina saro kaya da kansa, har shekarar da ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, ya ce ni zan je. Ya rubuta min irin jakunkunan da yake so, da sunan ofishin kago da zan kai wa kayan, ya kuma ware min yuwan 15,000 na jaka kaɗai, ban da kuɗin masauki da na abinci. Da zan tafi ya ja min kunne a kan abu biyu: kada in biya kuɗin kayan da ban gani da idona ba, kuma kada in bar shago ba tare da rasit ba.

Cikin watan Janairu na sauka Guangzhou. Na kama ɗaki a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka, saboda akwai gidajen abincin Musulmi, kuma da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ji wani yana Hausa ko Faransanci ko Larabci ba. Kowa na haɗu da shi magana ɗaya yake min, cewa in hanzarta. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Janairu da wajen 20 ga Fabrairu, kuma kafin ta zo masana'antu suna rufewa, ma'aikata su koma garuruwansu, kasuwa ta yi tsit na makonni. An kuma gaya min cewa a irin wannan lokaci masu shaguna suna karya farashi don su rabu da kayan da suka rage. Wannan maganar ta zauna min a rai, na shiga kasuwa ina neman inda aka karya.

Kasuwar jaka tana wajen Guihuagang, kusa da Sanyuanli, a kan titin Jiefang ta Arewa. Ba kasuwa ɗaya ba ce, benaye ne jere da juna, kowane bene cike da ƙananan shaguna, kowane shago an rataye samfur tun daga ƙasa har rufi. Yawancinsu idon masana'anta ne kawai, ainihin ɗinkin ana yin sa a wajen gari, musamman a Shiling da ke gundumar Huadu. A irin waɗannan shagunan ba a cika rubuta farashi a jikin kaya ba. Ka nuna jaka, mai shago ya ɗauko kalkuleta mai manyan maɓallai ya buga lamba, ya juyo maka da ita. Kai ma ka share ka buga taka. Haka ake ciniki ko da babu wanda ke jin yaren wani. Da farko na ɗauki tafinta, wani ɗalibi, amma kuɗinsa na yini ne, da na ga kalkuleta tana isar da saƙo sai na sallame shi. A zagayen da na yi na fahimci cewa jakar talaka, irin wadda muke sayarwa a Sabon Gari, tana kamawa tsakanin yuwan 25 zuwa 35 idan za ka ɗauka da yawa.

Ranar Juma'a da hantsi na hau wani bene da ban taɓa hawa ba. Shagunan nan sun fi na ƙasa tsari, akwai gilashi da fitilu, kuma kowace jaka da 'yar takardar farashi a rataye a hannunta. Shaguna biyu ne suke kallon juna, kowanne da jar takarda manne a gilashi, an yi rubutu da ruwan ɗorawa. Na hagu an rubuta 3折起. Na dama an rubuta 8折.

Ba na karanta Sinanci, amma lamba lamba ce a ko'ina. Jar takarda a bakin shago da babbar lamba, ai ragi ke nan. Na taɓa raka Kawu Dubai, na ga yadda ake manna 30% da 70% a gilashi, kuma kowa ya san wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi yin ragi. Sai na ɗauka uku tana nufin an cire talatin cikin ɗari, takwas kuma an cire tamanin. Ban ko leƙa shagon hagu ba, na faɗa na dama.

Wata mata ce a ciki, za ta kai shekara hamsin, da wani saurayi yana cusa takarda a cikin jakunkuna don su tsaya. Na ɗauki wata jaka ruwan ƙasa na juya ta. Ba fata ba ce, roba ce mai kama da fata, amma mai kauri, ba ta da warin nan na man fetur da jakar araha ke yi. Na ja zif ɗin ya tafi sumul. Na zura hannu na juyo shafin ciki, ɗinki biyu ne, babu zare ko ɗaya a sake. Ƙarfen hannun yana da nauyi a tafin hannu, ba irin gwangwanin da ke baƙi bayan wata biyu ba. Takardar jikinta ta ce 100. Na yi lissafi a zuci, idan an cire tamanin saura ashirin. Jaka irin wannan a yuwan 20, alhali na ƙasa da ba su kama ƙafarta ba ana cewa 30. Gabana ya faɗi don murna. Da na tsaya na yi tunani, wannan tazarar kaɗai ta isa ta sa in yi shakka, domin kuɗin ƙarfen da zif ɗin ma sun kusa cinye ashirin ɗin. Amma an riga an gaya min ana karya farashi, sai na ce to ga shi na gani.

Na nuna mata takardar gilashi, na nuna jakar. Ta gyaɗa kai da fara'a. Na zaɓi kala huɗu, na buga 300 a kalkuleta. Ta karɓa ta buga a gabana, a hankali don in gani: 100 sau 300, ya ba da 30,000. Sannan ta buga sau 0.8, ya ba da 24,000. Ta juyo min da kalkuletar.

A nan ne abin ya ƙulle, kuma har yau idan na tuna ina jinjina yadda lamba ɗaya ta gamsar da mutum biyu da ke nufin abu biyu daban. Ita tana nuna min kuɗin da zan biya. Ni kuwa ina kallon kuɗin da aka yafe min, domin tamanin cikin ɗari na 30,000 ai 24,000 ne cif. Na cire a raina, saura 6,000. Na gyaɗa kai, ta gyaɗa kai. Babu wanda ya yi wa wani ƙarya.

Lokacin sallah ya matso. Ta nuna min da hannu cewa za a ɗauko kayan daga sito, in dawo gobe. Ta buga 2,000 a kalkuleta, na gane kafin alƙalami take nema. Na ƙirga mata jajayen takardun yuwan ɗari guda ashirin. Ta rubuta rasit a littafin nan mai kwafi, ta buga jan hatimi, ta yage na sama ta ba ni. Na ninke na sa a aljihu ban duba ba, na sauko da sauri.

Masallacin da aka fi zuwa Juma'a yana kan wannan titin, kusa da lambun Yuexiu. A harabarsa akwai kabarin da mutanen garin ke jingina wa Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Jama'a ta cika har waje, Sinawa Musulmi da fararen huluna, Larabawa, 'yan Fakistan, da namu na Afirka ta Yamma. Bayan an idar na ji wani dattijo a gefena yana waya da Hausar Maraɗi. Na jira ya gama na gaishe shi. Ya daɗe a garin, yana saya wa mutane kaya yana tura musu. Ya tambaye ni wa ya aiko ni, na gaya masa. Na kuma ba shi labarin cewa na yi dace da jaka mai kyau a yuwan ashirin. Ya dube ni ya ce, "Allah shi sa albarka, ɗana." Ya ba ni lambarsa, ya ce in da wata matsala in kira.

Da dare a ɗaki na zauna shigar da lissafin ranar a littafina, na warware rasit ɗin. Rubutun Sinanci ne da hannu, amma lambobin a fili suke. Layi na farko 300 da 100. Ƙasa da shi 24000. Sai 2000. Sai layi na ƙarshe, an ja masa layi biyu a ƙasa: 22000.

Na daɗe ina kallon wannan lambar. A lissafina 4,000 ya kamata in gani. Na juya ta kowace fuska, hanya ɗaya ce kawai ke ba da 22,000, wato a cire 2,000 daga 24,000. Idan haka ne, 24,000 ba ragi ba ne. Amma zuciyata ta ƙi karɓa. Na ce ko dai matar ta yi kuskure wajen rubutu, ko kuma ta ga baƙo ne ta shirya cuta. Abin da ya fi damuna, kuɗin ba nawa ba ne. Duk abin da ya rage a hannuna na jaka 13,000 ne, ko na so biyan 22,000 ba ni da shi. Ban kira Kawu ba. Ban kuma yi barcin kirki ba.

Da safe na isa shagon tun ana ɗaga ƙofofi. Katan goma na tarar a jere a bakin ƙofa, an naɗe su da koren buhu an ɗaure da salatif, jaka talatin a kowanne. Saurayin nan yana zaune a kan ɗaya yana cin abinci. Matar ta tare ni da murmushi. Na ajiye yuwan 4,000 a kan tebur. Ta ƙirga, ta dube ni, ta jira. Da ta ga ban ƙara ba sai ta buga 22,000. Na girgiza kai, na karɓi kalkuletar na buga 30,000, na cire 24,000, na cire 2,000, na nuna mata 4,000. Na je na ɗora yatsa a kan takwas ɗin da ke gilashi. Ita ma ta zo ta ɗora yatsa a kan takwas ɗin, tana magana da ƙarfi. Mu biyu muna nuna lamba ɗaya, kowa yana ganin ita ce hujjarsa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Wani mai gadi ya tsaya daga nesa yana kallo. Na ji muryata tana tashi, na san idan na ci gaba abin ba zai yi kyau ba, ga ni baƙo da bizar kasuwanci ta ɗan lokaci. Na fita barandar na kira dattijon nan.

Bai yi awa ɗaya ba ya iso. Bai fara da ni ba, matar ya fara gaisarwa da yarensu, ya kira ta da sunan girmamawar da ake kiran matar da ke da shago, ya bar ta ta zazzage duk abin da ke ranta. Sannan ya karɓi rasit ya karanta, ya dubi gilashi, ya juyo gare ni.

"Ɗana, mi ka karanta a nan?"

Na ce, "Baba, ragin tamanin cikin ɗari."

Bai yi dariya ba, kuma na gode masa da hakan. Ya zaro kuɗi daga aljihu, ya ƙirga takardun yuwan goma guda goma, ya jera su a kan tebur kusa da jakar. Ya ce wannan shi ne kuɗin jaka, ɗari. Ya tura takwas gaban matar, ya turo biyu gabana. Ya ce, "Takwas ɗin da ka gani nata ne. Naka biyu."

Daga nan ya yi min bayani dalla-dalla, muna tsaye a bakin gilashin. Harafin 折, ana furta shi kusan kamar "ja". Sinawa suna raba farashi gida goma, lambar da ke gaban harafin kuma tana faɗin gida nawa mai saye zai biya. Ba ta faɗin abin da aka cire. Saboda haka 8折 ka biya takwas cikin goma, ragin ashirin cikin ɗari ke nan. 9折 ragin goma ne kacal. 5折 rabin kuɗi. Abin da ni na zata, wato a cire tamanin, da shi ake nufi da 2折 za a rubuta. Ke nan a nan ƙaramar lamba ita ce babban ragi, akasin abin da idonmu ya saba. Idan kuma ka ga lamba biyu, kamar 85折 ko 8.5折, duk abu ɗaya ne, ka biya tamanin da biyar cikin ɗari. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce wadda matar ta bi jiya a gabana: ka sa ɗigo a gaban lambar, takwas ta zama 0.8, 85 ko 8.5 ta zama 0.85, ka ninka da farashi, abin da ya fito shi za ka zaro daga aljihu. Babu sauran cirewa bayan nan.

Na juya na dubi shagon da ke kallonmu, mai 3折起. Na ce, "Ashe can ne arahar take."

Ya ce in bi a hankali, akwai wani harafi a ƙarshe. 起, ana furta shi kamar "ci", ma'anarsa "daga nan ake farawa". Wato a cikin shagon akwai abin da ake biyan uku cikin goma, amma ba a ce duka ba. Yana iya zama jaka biyar ce a kwando a bakin ƙofa, sauran kuma bakwai ko takwas ko ma cikakken kuɗi. Ya ce duk inda na ga wannan harafin a bayan lamba, ko a kan farashi ne ko a kan ragi, in san cewa mafi ƙanƙanta aka nuna min.

Kunya ta rufe ni, ba don rashin sanin ba, sai don zargin da na kwana ina yi wa matar. Na roƙi Baba ya gaya mata cewa na fahimci ita ce da gaskiya, ya ba ta haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi. Ya faɗa mata. Ta ɗan sassauta, amma ta nuna katan goman da ke bakin ƙofa, ta nuna rasit. Ta biya motar da ta ɗauko su daga sito, ta sa an naɗe su, kuma ga shekara tana ƙarewa.

Na ce wa Baba to a mayar min da 2,000 ɗina in tafi. Ya nuna min haruffa biyu a gefen lambar a rasit, 定金. Ya ce wannan kalmar tana da nauyi a dokarsu. Idan mai saye ya fasa, kuɗin ya tafi. Idan mai sayarwa ne ya saɓa, zai mayar da ninki biyu. Doka ta ce kada ya wuce kashi ashirin cikin ɗari na kuɗin cinikin, nawa kuwa bai kai ko goma ba, saboda haka babu ta inda zan kama ta. Akwai wata kalmar da ake furtawa daidai da wannan, 订金, harafin farko ne kawai ya bambanta, ita kuɗin somin-taɓi ce, an fi samun a mayar da ita idan ciniki ya watse. Tawa ba ita ba ce.

Zaɓi biyu ya rage min. In bar mata 2,000 in fita hannu wofi, in nemi jakar talaka da 13,000. Ko in ɗauki wani abu daga cikin kayan a yuwan 80, kafin alƙalamin ya shiga cikin kuɗin. Baba ya tambaye ta abu ɗaya da ya ce shi ne zai raba gardama: kayan nan na sito ne, ko don ni aka ɗinka? Ta ce na sito ne. Ya ce min to da sauƙi. Da oda ce aka yanka aka ɗinka da sunana, da babu maganar ragewa, domin ba ta da inda za ta kai su. Amma kayan sito za ta iya mayarwa ta sayar wa wani.

Suka shiga ciniki, ni ina tsaye ina bin kalkuleta da ido. Ta ce ragin na mai ɗaukar da yawa ne, in dai ƙasa da ɗari ne sai dai cikakken kuɗi. Baba ya ce kada a ɓalle katan, a bar su yadda aka naɗe, in ɗauki huɗu, kala ɗaya ɗaya. Jaka 120 ke nan. Ta nemi a ƙara mata kuɗin motar da za ta mayar da shidan. Ya ce mata yaron nan wakilin mai shago ne a Kano, maigidansa yana zuwa garin nan shekara da shekaru, idan kayan suka karɓu ita za a nema. Ta yi shiru, ta buga 120 sau 80, ya ba da 9,600. Ta cire 2,000, saura 7,600. Ta bar maganar mota.

Kafin in ƙirga kuɗin Baba ya dakatar da ni. Ya sa na ɗauki jaka ɗaya a hannun hagu, na ɗauki yuwan 80 a hannun dama, na nuna mata. Ta gyaɗa kai. Ya ce in riƙa yin haka a duk shagon da babu tafinta, domin kalkuleta tana nuna lamba ne kawai, ba ta faɗin ko ta biya ce ko ta ragi, amma jaka ɗaya da kuɗinta a hannu ba sa ɗaukar fassara biyu. Sannan ya sa ta yaga tsohon rasit a gabanmu, ta rubuta sabo da kuɗin guda ɗaya, da adadi, da jimla, da abin da aka biya. Ya kuma sa aka buɗe katan ɗaya daga cikin huɗun, wanda ni na zaɓa, muka ƙirga talatin, na ja zif ɗin guda biyar daga ƙasan katan. Duk irin samfurin ne. Saurayin ya sake naɗewa, na rubuta alamar Kawu da lambar wayarsa da "KANO" da baƙin alƙalami a gefe biyu na kowane katan.

Da muka fito na ce sai na shiga shagon hagu na gani da idona. Kwando ɗaya ne a bakin ƙofa, jakunkuna ba su fi goma sha biyar ba, kowace da kalarta, wasu samfur ne da suka sha rana a gilashi har gefe ɗaya ya koɗe, wata hannunta ya fara ɓarewa. Su ne na uku cikin goma. Na nuna wata mai kyau a kan kanta, mai shagon ya buga sau 0.7. Na nuna wata sabuwar fitowa, ya girgiza kai, ya buga cikakken kuɗinta. Da a ce jiya na fahimci harafin farko ban fahimci na ƙarshe ba, da nan ma wata rigimar zan tayar.

Yuwan 5,400 ya rage min. Baba ya raka ni ƙasa, wajen wani da ya saba da shi, muka ɗauki jakar talaka 200 a kan 27. Kuɗin jaka ya ƙare cif. Na so in ba shi wani abu na wahalarsa, ya ƙi karɓa, ya ce in dai na koma in gaida maigidana. Da yamma mai kura ya kwashe katan ɗin zuwa ofishin kago. Jaka kaya ce mai cin wuri ba nauyi ba, don haka ta ruwa aka tura, inda ake auna tsawo da faɗi da tsayin katan a caji mutum a kan girman wurin da ya ci, ba a kan kilo ba kamar na jirgin sama. Suka auna, suka ba ni takarda, suka ce kwantenar za ta tashi kafin a rufe don biki.

A daren na kira Kawu na gaya masa komai, tun daga jar takardar har katan huɗun. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya tambaye ni ko na karɓi rasit, na ce na karɓa. Ya tambaya ko na buɗe katan na gani, na ce na buɗe. Ya ce shi ma bai taɓa sanin wannan harafin ba, domin bai taɓa hawa benen masu takardar farashi ba, a ƙasa yake cinikinsa da kalkuleta. Sai ya ce abin da ya dame shi ba takwas ɗin ba ne, jakar yuwan 80 ce, domin idan aka ɗora kuɗin kago da na kwastan da na mota daga Legas, za ta fi ƙarfin matan da ke shigowa shagonmu.

Gaskiyarsa ne. Kayan sun iso Kano bayan wata biyu da wani abu. Jakunkuna 200 ɗin nan na 27 ba su yi wata guda ba suka ƙare, 'yan sari daga Gusau da Azare suka kwashe yawancinsu. Masu tsadar kuwa suka zauna a kanta. Mace za ta ɗauka ta juya, ta yaba ɗinkin, ta ji kuɗi ta ajiye. Sai da muka riƙa kai su wajen masu haɗa lefe, biyu a nan, uku a can, sannan suka fara motsi. Katan na ƙarshe, mai ruwan toka, sai bayan Babbar Sallah muka rabu da shi, kuma a kan uwar kuɗi Kawu ya sake shi don a samu wurin sabon kaya.